Tambayoyi da Amsoshi kan Shirya Takardar Atisaye: Matsakaici, Lambar Tsakiya da Mafi Yawan Fitowa Idan Akwai Bare a cikin Alƙaluma

Wane irin jerin alƙaluma ne ya dace da wannan takarda?

Jerin da ya dace shi ne wanda ɗalibi zai iya lissafa ma'aunai ukun da hannu cikin 'yan mintuna, amma idan ya gama ya ga amsoshin sun saɓa wa juna har ya tsaya yana tunani. Ma'aunan su ne matsakaici, wato jimillar lambobi a raba da adadinsu, da lambar tsakiya, wato wadda take tsakiya bayan an jera lambobin daga ƙarama zuwa babba, da kuma mafi yawan fitowa, wato lambar da ta fi maimaituwa. Bare kuwa ita ce lambar da ta yi nisa da 'yan uwanta ƙwarai, ko ta sama ko ta ƙasa.

Ga misalin da za a riƙa komawa gare shi. An tambayi ɗalibai tara yawan mintunan da kowannensu yake yi daga gida zuwa makaranta, suka ba da waɗannan amsoshi: 12, 10, 17, 8, 66, 10, 15, 10, 14. Jimillarsu 162 ce, don haka matsakaici minti 18 ne. Idan aka jera su, a samu 8, 10, 10, 10, 12, 14, 15, 17, 66, lamba ta biyar ita ce ta tsakiya, wato 12, mafi yawan fitowa kuma 10. Abin lura shi ne takwas daga cikin ɗalibai taran babu wanda tafiyarsa ta kai minti 18, domin mafi nisa a cikinsu minti 17 yake yi. Ke nan matsakaicin ya wuce kusan kowa a cikin waɗanda ake cewa yana wakilta. Ɗalibin da ya gano haka da kansa ya kama hanyar fahimtar abin da takardar take son koyarwa.

Yaya ake ƙirƙiro lambobin har amsoshi su fito daidai ba tare da ragowa ba?

Daga amsa ake farawa, a dawo baya zuwa lambobin. Malami ya fara yanke shawarar yawan lambobin da ba bare ba da matsakaicin da yake so su bayar. A misalinmu an zaɓi lambobi takwas masu matsakaici 12, abin da ya wajabta jimillarsu ta zama 96. Daga nan sai a rarraba 96 ɗin tsakanin lambobi takwas, a maimaita ɗaya daga cikinsu fiye da sauran domin a samu mafi yawan fitowa guda ɗaya tak, a kuma tabbata lambobi biyun da suke tsakiya ba iri ɗaya ba ne, domin ɗalibi ya yi aikin haɗa su ya raba biyu. Haka aka samu 8, 10, 10, 10, 12, 14, 15, 17, inda lambar tsakiya take 11, wato rabin jimillar 10 da 12.

Bayan wannan sai a zo kan bare. Da yake lambobin za su zama tara, ana neman lambar da idan aka ƙara ta a kan 96 jimillar za ta rabu da tara. Hanya mafi sauƙi ita ce malami ya zaɓi sabon matsakaicin da yake so, ya ninka shi da tara, ya debe 96. Da aka zaɓi 18 sai aka samu 162, da aka debe 96 kuma sai 66 ta rage. Da an zaɓi 16, da baren ta zama 48. An fifita 18 ne saboda ta haura 17, babbar lamba a cikin sauran, wanda shi ne ya ba da damar yin tambayar da ta fi kowace ƙarfi a takardar: ɗalibai nawa ne suke yin tafiyar da ta kai matsakaici?

Akwai ƙa'ida ɗaya da take taimaka wa mai shirya takarda ya san sakamakon tun kafin ya lissafa. Gwargwadon yadda matsakaici zai gusa shi ne tazarar da take tsakanin bare da tsohon matsakaici, a raba da sabon adadin lambobin. Tsakanin 66 da 12 akwai 54, a raba da tara a samu 6, shi ya sa matsakaicin ya tashi daga 12 zuwa 18.

Kada dai son amsa mai tsafta ya sa lambobin su daina kama da na gaskiya. Jeri irin 10, 20, 30, 40, 500 yana da sauƙin lissafi, amma babu ɗalibin da zai yarda an auno shi daga wani abu na zahiri, kuma idan bai yarda ba, ba zai ga dalilin muhawara a kansa ba.

Lambobi nawa ya kamata jerin ya ƙunsa?

Tsakanin bakwai da goma sha ɗaya ya wadatar ga aikin hannu. Idan lambobin sun yi kaɗan, misali huɗu, babu isasshen rukunin da za a ce wata lamba ta fita daga cikinsa. Idan kuma suka yi yawa, ƙarfin bare yana raguwa, ga kuma lokacin darasi da zai tafi a wajen tarawa. Da ɗalibai 29 ne masu matsakaicin minti 12, aka ƙara musu mai minti 66, sai a raba 54 da 30, matsakaicin ya gusa da minti 1.8 kacal. Wannan kansa tambaya ce mai kyau ga ƙarshen takarda, amma a bayar da ita a matsayin jimilla da adadi, ba sai an rubuta lambobi talatin ba.

Yana da kyau kuma a lura cewa cire bare yana sauya adadin lambobin daga mara zuwa cika, ko akasin haka, saboda haka jeri ɗaya yana sa ɗalibi ya gwada hanyoyi biyun nemo lambar tsakiya.

Mene ne ya sa wata bare ta cancanci tattaunawa, wata kuma ba ta cancanta ba?

Abin da ya raba su shi ne labarin da yake bayan lambar. Idan aka rubuta lambobi tsirara, babu raka'ar awo, babu bayanin abin da aka auna, iyakar abin da ɗalibi zai iya cewa shi ne 66 ta fi sauran girma. Amma da zarar an ce mintunan tafiya ne zuwa makaranta, tambayoyi sun buɗe: ko ɗalibin yana zaune ne da nisa, ko ranar ce kawai ya samu tsaiko a hanya, ko kuwa 16 aka yi niyyar rubutawa hannu ya kuskure. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan dalilai yana kai ga hukunci dabam game da abin da za a yi da lambar, kuma koyar da wannan hukunci shi ne ainihin aikin takardar. Saboda haka ya fi kyau a sa jeri uku masu bare iri uku, maimakon jeri shida masu iri ɗaya.

Iri na farko ita ce baren da take gaskiya, kamar ta mai tafiyar minti 66 idan an tabbatar gidansu yana da nisa. Ba a cire ta, domin yaron ɗan ajin ne kamar kowa. Abin da ake yi shi ne a zaɓi ma'aunin da ya dace da tambayar da ake son amsawa.

Iri na biyu ita ce wadda kuskure ya haifar. An auna tsawon ɗalibai takwas da santimita, aka rubuta 150, 156, 148, 16, 153, 150, 155, 152. Jimilla 1080 ce, matsakaici 135, lambar tsakiya 151, mafi yawan fitowa 150. Babu ɗalibin da tsawonsa yake santimita 16, don haka a nan ba a bukatar wata ƙa'idar lissafi kafin a san an yi kuskure, hankali kaɗai ya isa. Idan aka cire ta, lambobi bakwai suka rage masu jimillar 1064, matsakaici ya zama 152, lambar tsakiya ma 152. Wani ɗalibi zai ce ai 160 ake nufi, sifiri ne ya faɗi, kuma idan aka sa 160 matsakaici ya zama 153. Zatonsa yana da ma'ana, amma zato ne: tana iya zama 161 ko 165, ko ma 156 da aka tsallake lambar tsakiyarta. Amsar da ta fi inganci ita ce a koma a sake auna ɗalibin, idan kuma hakan bai yiwu ba a cire lambar, a rubuta cewa an cire ta da dalilin cirewar.

Iri na uku ita ce wadda babu amsa guda a kanta, kuma ita ce ta fi kawo muhawara a aji. Makin jarrabawa ne bisa ashirin: 15, 18, 0, 14, 15, 17, 18, 15, tare da bayanin cewa wanda ya samu sifiri bai halarci jarrabawar ba. Da sifirin, jimilla 112 a raba da takwas, matsakaici 14. Ba tare da shi ba, 112 ɗin ce dai amma a raba da bakwai, matsakaici 16. Lambar tsakiya 15 ce ta kowace fuska, haka ma mafi yawan fitowa. Idan ana son sanin yadda ɗalibai suka fahimci darasin, sifirin ba awon fahimta ba ne, sai a ajiye shi gefe. Idan kuwa dokar makarantar ta ce wanda bai zo ba makinsa sifiri ne, kuma ana haɗa rahoton makin aji, to yana ciki. Wannan jeri yana da wani amfani na daban, domin yana kama ɗaliban da suke ganin sifiri ba lamba ba ne, su tara 112 su raba da bakwai ba tare da sun san sun yanke wani hukunci ba.

Ya kamata baren ta kasance babba a kowane lokaci?

A'a. Idan duk misalan babbar lamba ce, ɗalibai za su haddace cewa bare tana ɗaga matsakaici, alhali abin da take yi shi ne jan sa zuwa ɓangaren da take. Shi ya sa jeri biyu daga cikin ukun da suka gabata barensu ta ƙasa ce.

A wane tsari za a jera tambayoyin?

A fara da hasashe kafin lissafi. Tambayar farko ta nemi ɗalibi ya dubi lambobin ya faɗi, ba tare da ya tara komai ba, minti nawa yake ganin ɗan wannan aji yakan yi a hanya. Yawanci za su ce wani abu tsakanin 10 da 15, kuma wannan hasashe shi ne abin da za su auna matsakaicin 18 da shi daga baya. Sannan a sa su jera lambobin, su ɗora su a kan layin lambobi, ɗigo ɗaya ga kowane ɗalibi. Layin ya fara daga sifiri ya kai 70 da tazara daidai, domin faffaɗan filin da ba kowa tsakanin 17 da 66 ya bayyana a ido. Kada malami ya karya layin don ya tsimi takarda, saboda wannan filin shi ne abin da ake son a gani.

Bayan haka sai lissafin ma'aunai ukun da duka lambobin, sannan a sake shi ba tare da 66 ba, a rubuta sakamakon a ƙaramin jadawali mai layi biyu: 18, 12, 10 a sama, 12, 11, 10 a ƙasa. Daga jadawalin ɗalibi zai karanta da kansa cewa matsakaici ya gusa da shida, lambar tsakiya da ɗaya, mafi yawan fitowa kuma bai motsa ba. Tambayar da take biye ita ce dalilin haka, kuma amsar da ake nema ita ce matsakaici yana amfani da girman kowace lamba, ita kuwa lambar tsakiya matsayi kawai take dubawa. Domin a tabbatar an fahimci wannan, a ce su mayar da 66 ta zama 660. Jimilla ta koma 756, matsakaici 84, lambar tsakiya kuwa tana nan a 12.

Tambayoyin hukunci su zo a ƙarshe, kuma a bar musu layukan rubutu isassu. Takardar da ta ba da rabin shafi ga tarawa da rabawa, ta bar layi ɗaya ga bayani, ta riga ta gaya wa ɗalibi wanne ne malami ya ɗauka da muhimmanci.

Shin darasin shi ne lambar tsakiya ta fi matsakaici?

Wannan shi ne kuskuren da irin wannan takarda ta fi saurin dasawa, kuma ya kamata a toshe shi da tambaya ta musamman. Lambar tsakiya ta fi dacewa idan ana neman abin da ya zama ruwan dare a cikin rukuni, shi ya sa hukumar ƙidayar Amurka take bayar da rahoton kuɗin shigar gidaje da ita, domin 'yan tsirarun masu samun kuɗi da yawa suna jan matsakaici sama. Amma matsakaici yana riƙe da wani abin da lambar tsakiya ba ta da shi, wato jimilla. Wanda ya san matsakaici 18 ne kuma ɗalibai tara ne, ya san cewa gaba ɗaya suna kashe minti 162 a hanya. Wanda aka ba 12 kawai ba zai iya gano wannan ba, idan ya ninka ta da tara ma 108 zai samu.

Don haka a yi tambayoyi biyu a kan jeri ɗaya. Ta farko: sabon ɗalibi yana son sanin minti nawa 'yan ajin sukan yi a hanya, wane ma'auni za a ba shi? Ta biyu: shugaban makaranta yana son sanin jimillar lokacin da ajin yake ɓatawa a hanya kowace safiya, wanne zai yi masa amfani? Akwai ma tambaya ta uku da babu ɗaya daga cikin ma'aunan da yake amsa ta: idan ana son sanin wanda ya fi bukatar taimakon abin hawa, baren kanta ita ce amsar.

Ana bukatar koyar da ƙa'idar gane bare ta hanyar lissafi?

Ga masu fara koyo, layin lambobi da bayanin abin da aka auna sun isa. Ga manyan azuzuwa da suka san rubu'ai, wato lambar tsakiyar rabin ƙasa na jeri da lambar tsakiyar rabinsa na sama, ana iya kawo ƙa'idar da masanin ƙididdiga John Tukey ya yaɗa a 1977: a nemo tazarar da take tsakanin rubu'in ƙasa da rubu'in sama, a ninka ta da ɗaya da rabi, a ƙara a kan rubu'in sama, a kuma debe daga rubu'in ƙasa. Duk lambar da ta faɗa wajen waɗannan iyakoki biyu ana yi mata alamar bare.

Sai dai akwai tarko ga mai shirya takarda, domin hanyar nemo rubu'ai ba ɗaya ba ce idan adadin lambobin mara ne. A jerin mintuna, idan aka ware lambar tsakiya daga rabi biyun, rubu'in ƙasa 10 ne, na sama 16, tazara 6, iyakar sama 25. Idan aka sa ta a cikin kowane rabi, rubu'in sama ya zama 15, tazara 5, iyaka 22.5. Lamba 66 ta wuce duka biyun, don haka babu gardama a kanta. Amma da malami ya zaɓi 24 a matsayin bare, da wata hanyar ta kama ta, ɗayar ta bar ta, ɗalibai biyu su yi aiki daidai su samu amsa mabambanciya. Magani shi ne a zaɓi baren da ta wuce iyaka ta kowace hanya, a kuma rubuta a kan takardar hanyar da ake so a bi. A tuna wa ɗalibai cewa ƙa'idar tana nuna lambar da za a bincika ne kawai, ba ta ba da izinin share ta.

Akwai misalan gaske da za a iya sakawa?

Wasanni suna ba da misalai masu sauƙin fahimta. A gasar Olamfik ta 1968 a birnin Meksiko, Bob Beamon ya yi dogon tsalle na mita 8.90, ya wuce bajintar duniya ta lokacin, mita 8.35, da santimita 55. Wanda ya zo na biyu, Klaus Beer, ya yi mita 8.19, na uku kuma, Ralph Boston, mita 8.16. Tsakanin na biyu da na uku santimita 3 ne, tsakanin na ɗaya da na biyu santimita 71. Lambobi uku ba su isa a yi lissafin ma'aunai mai ma'ana ba, amma sun isa su nuna cewa lamba tana iya fita zakka kuma ta kasance gaskiya, har ma ta zama ita ce abin da aka taru dominsa.

Misali na biyu yana nuna yadda ake rage ƙarfin bare ba tare da an koma ga lambar tsakiya ba. A gasar alkafura cikin ruwa ta mutum ɗaya a Olamfik, alƙalai bakwai ne suke ba da maki, a zubar da manya biyu da ƙanana biyu, a yi aiki da ukun da suka rage. Ana iya sa ɗalibai su gwada irin wannan da jerin mintuna: a cire 8 da 66, lambobi bakwai su rage masu jimillar 88, matsakaicinsu ya kusa 12.6.

Me ya kamata takardar amsoshi ta ƙunsa bayan amsoshin daidai?

Ta ƙunshi amsoshin kuskure da abin da kowace take nufi, domin daga lambar da ɗalibi ya rubuta ake gane inda ya kauce. A jerin mintuna, wanda ya ce lambar tsakiya 66 ce bai jera lambobin ba, kuma da gangan aka ajiye baren a gurbi na biyar domin wannan kuskure ya fito fili. Wanda ya rubuta 5 ya ba da matsayi ne maimakon lambar da take wurin, wanda ya rubuta 37 kuma ya haɗa ƙarama da babba ne ya raba biyu. Idan aka ga 3 a gurbin mafi yawan fitowa, ɗalibin ya ƙirga sau nawa 10 ta fito ne ya rubuta. A wajen matsakaici, 10.67 tana nuna ya cire bare daga jimilla amma ya ci gaba da rabawa da tara, yayin da 149.56 take nuna ya danna lambobin a na'urar lissafi ya raba kafin ya fitar da jimilla, na'urar ta raba 14 ta ƙarshe kaɗai da tara.

Ga tambayoyin hukunci, a rubuta abin da ya sa amsa ta karɓu, ba amsa ɗaya tilo ba. Ɗalibin da ya ce a bar sifirin jarrabawa da wanda ya ce a cire shi duk suna iya samun cikakken maki, muddin kowannensu ya faɗi tambayar da yake amsawa kuma lissafinsa ya dace da zaɓinsa. Wanda ya ce a cire shi don kawai ya bambanta da sauran bai kawo hujja ba tukuna.

Yaya malami zai tantance lambobinsa kafin ya buga takardar?

A manhajar Excel, idan lambobi taran suna cikin gurabe daga A1 zuwa A9, waɗannan sun isa:

```
=AVERAGE(A1:A9)
=MEDIAN(A1:A9)
=MODE.MULT(A1:A9)
```

An zaɓi `MODE.MULT` ne saboda `MODE` takan ba da lamba ɗaya kawai ko da lambobi biyu sun yi kunnen doki, sai malami ya buga takarda yana zaton mafi yawan fitowa ɗaya ne. Idan babu lambar da ta maimaitu, manhajar za ta nuna `#N/A`. Haka kuma `AVERAGE` tana tsallake gurbin da aka bari babu komai amma tana ƙirga wanda aka rubuta sifiri, saboda haka a jerin makin jarrabawa za ta ba da 16 ko 14 gwargwadon yadda aka shigar da wanda bai zo ba. Game da rubu'ai kuwa, a jerin mintuna `QUARTILE.INC` tana ba da 15 a matsayin rubu'in sama, `QUARTILE.EXC` tana ba da 16, don haka sai malami ya duba wacce ce ta yi daidai da hanyar da littafin ajinsa yake bi kafin ya rubuta iyakar a takardar amsoshi.